Zogale, alayyahu ko kel: wanne ya fi dacewa da tukunyar gida a Damagaram?

Wanda zai zaɓi ganye tsakanin zogale da alayyahu da kel, ko don tukunyar gidansa ko don fangalin garkarsa, yana bukatar ya fara sanin abin da zai auna su da shi, domin kowanne yana da inda ya yi fice da inda ya gaza. Zogale da alayyahu ba baƙi ba ne a Damagaram. Kel kuwa ɗan gidan kabeji ne, wanda a nan aka fi kira shu, sai dai shi ba ya dunƙulewa, ganyensa a buɗe yake fita a jikin kara ɗaya, ana tsinkarsa daga ƙasa yana ci gaba da toho daga sama. Sunansa ya yaɗu ne a ƴan shekarun nan saboda yabon da ake yi masa a ƙasashen Turai da Amurka, har wasu suka fara ɗauka cewa ya fi ganyayenmu gina jiki da ƙara jini.

Ma'aunai shida zan bi. Na farko ɗanɗano, da irin aikin da ake yi kafin ganyen ya ciwu. Na biyu yadda yake a baki bayan dahuwa, wato laushi ko tauri, da ko yana narkewa a miya ko yana tsayawa da jikinsa. Na uku sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, kuma a nan ba adadin da ke cikin ganyen kaɗai ne abin dubawa ba, har da wanda hanji ke iya tsotsa. Sauran ukun su ne kuɗi da sauƙin samu, sai jimirin ajiya a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, sai kuma haɗarin da ke tattare da kowanne. A kan na ukun zan fi daɗewa, saboda a nan ne aka fi ruɗar mutane.

Zogale

Ɗanyen zogale yana da ɗaci da bauri, kuma idan aka tauna shi sai a ji wani ɗan yaji yana biyowa baya a maƙogwaro. Yajin ya fito ne daga sinadaran da ke cikinsa irin waɗanda ke cikin kabeji da kel, domin duk da cewa shi itace ne, tsatsonsu ɗaya ne daga nesa. Ɗacin yana ƙaruwa idan ganyen ya tsufa ko itacen ya sha ƙishi, shi ya sa zogalen da aka yanko daga garkar da ake bai wa ruwa a kai a kai ya fi na tsohon itacen tsakar gida daɗin baki. Tafasa ce ke kashe ɗacin, kuma mai kwaɗo ta san cewa idan ba ta dafa shi ya nuna sosai ta matse ruwan ba, ƙuli-ƙuli da albasa da barkono ba za su rufe baurin ba.

A baki, zogale ganye ne mai jiki. Ƙananan ganyayensa ba su da ruwa da yawa, kusan kashi 79 cikin 100 ne kawai, don haka ba sa narkewa ko an daɗe ana dafa su. Wannan ne ya sa ya dace da kwaɗo da dambu, inda ake son ganyen ya tsaya ɗai-ɗai a tsakanin tsaki, ya riƙe mai da yaji ba tare da ya jiƙe abincin ba. Wahalarsa tana wurin gyara. Dole a zage ganyen daga tsinkensa, kuma siraran tsinkayen da suka kuɓuce ba sa laushi a wuta, suna tsaya wa yara a wuya. Wadda za ta ciyar da gida mai mutum goma ta san cewa gyaran zogale ya fi dafa shi cin lokaci.

Ta fuskar ƙarfe, jadawalin ma'aikatar noma ta Amurka, wanda ake yawan dogaro da shi wurin kwatanta abinci, ya ba ɗanyen zogale miligiram 4 a cikin giram 100. Wannan ya fi na alayyahu, kuma ya ninka na kel fiye da sau biyu. Amma ba a cin zogale ɗanye. A cikin wannan jadawalin, zogalen da aka dafa aka tsane ruwansa ya sauko zuwa kusan miligiram 2.3 a giram 100, saboda ganyen ya sha ruwa ya ƙara nauyi, kuma wani ɓangare na ma'adinan ya bi ruwan da aka zubar. Ruwan nan mai duhu da ake zubarwa bayan tafasa, to, ba ɗaci kaɗai yake tafiya da shi ba.

Sai maganar garin zogale, wanda ake cewa yana da miligiram 28 a giram 100. Wannan adadi ne da aka fi ambata, ko da yake awo ya sha bamban daga wuri zuwa wuri, kuma ba ƙarya ba ne, sai dai ana amfani da shi ta hanyar da ke ɓatar da mai karatu. Ana ɗaukar busasshen zogale a gwada shi da ɗanyen ganyen wani abu, alhali duk ganyen da aka cire wa ruwa dole ma'adinansa su taru wuri ɗaya. Kuma babu wanda ke cin giram 100 na gari a zama ɗaya. Abin da ake barbaɗawa a kunu ko miya bai cika wuce giram 10 ba, kusan cokalin cin abinci biyu, wanda ke ba da miligiram 2 zuwa 3. Ƙari ne mai amfani, musamman ga kunun yaro, amma ba magani ba ne. Bayan haka, zogale yana da sinadaran fitat da tanin masu ɗaure ƙarfe a cikin hanji, kuma gwajin da aka yi a kan busasshen ganyensa ya nuna cewa abin da jiki ke tsotsa kaɗan ne idan aka gwada da abin da ke ciki.

Inda zogale ya yi wa sauran nisa shi ne ajiya da samuwa. Itace ne mai jure fari, asalinsa daga arewacin Indiya, kuma ya zauna a ƙasar Hausa tun da daɗewa. Idan ana ba shi ruwa, ana iya yankarsa duk bayan wata ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, shekara da shekaru. Ɗanyen ganyen ba ya jimiri, domin kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya fara yin rawaya yana kaɗewa daga tsinke, kuma idan aka danne shi a buhu yana ɗumama ya ruɓe. Amma busasshensa yana yin watanni idan an shanya shi a inuwa mai iska an rufe shi daga danshi da haske. Ana gane mai kyau da launinsa: kore shar ne, ba ruwan ƙasa ba, ba ya warin rima, kuma idan aka zuba shi a ruwa yashi ba ya kwanta a ƙasan kwano. Ana auna shi da tiya a kasuwa, yana araha da damina da kaka, yana tsada da bazara. Ya kuma fi sauran biyun sinadarin gina jiki, kusan giram 9 a cikin giram 100 na ɗanyen ganye, alhali su ba su kai rabin haka ba.

Haɗarinsa kaɗan ne idan ganye ake magana. Yawan cinsa, ko shan garinsa da yawa ga wanda bai saba ba, yana sakin ciki. Saiwarsa da ɓawonsa kuwa wani abu ne daban, kuma mai juna biyu ta nisance su. Mai shan maganin ciwon suga ko na hawan jini da yake son ya riƙa shan garin kullum ya kamata ya sanar da likitansa, domin a lura ko maganin yana bukatar gyara.

Alayyahu

Alayyahu shi ne mafi sauƙin hali a cikin ukun. Ba shi da ɗaci in dai matashi ne, yana da ɗan zaƙi-zaƙi da ƙamshin ƙasa, kuma yana ɗaukar ɗanɗanon duk abin da aka haɗa shi da shi, ko daddawa ko gyaɗa ko busasshen kifi. Idan ya tsufa har ya fitar da kai, ganyen yana kaushi, karan yana yin zare, kuma ana jin wani gafi da ke sa haƙora su yi kamar an goga musu alli. Wannan alama ce ta sinadarin oksalat, wanda alayyahu ke da shi da yawa. Don haka a kasuwa a duba wanda bai yi fure ba, wanda karansa ke karyewa da sauƙi idan aka lanƙwasa shi.

Kusan kashi 92 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Minti biyar zuwa bakwai a wuta sun ishe shi, kuma yana zubewa ƙwarai, ta yadda ganyen da ya cika ƙwarya ba zai cika ƙaramin kwano ba bayan ya dahu. Yana yin laushi da santsi ba tare da yauƙi irin na kuɓewa ko lalo ba, shi ya sa ya dace da miyar taushe da fate da miyar gyaɗa, kuma shi ne ganyen da yaro ɗan yaye da tsohon da haƙoransa suka zube za su ci ba wahala. A kwaɗo yana shiga, amma sai an matse shi sosai, in ba haka ba ƙuli-ƙulin ya caɓe.

Jadawalin da na ambata ya ba ɗanyen alayyahu miligiram 2.3 na ƙarfe a giram 100, wato kaɗan ya wuce rabin na zogale. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa dafaffen alayyahu yana nan a kusan miligiram 2.3 ɗin, saboda shi zubewa yake yi, ba kumbura ba. Ma'ana, idan aka ajiye kwano biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya dafaffen zogale ɗaya dafaffen alayyahu, ƙarfen da ke cikinsu kusan daidai yake. Idan ma aka cire ruwa gaba ɗaya aka yi lissafi, giram 100 na ɗanyen alayyahu yana barin kusan giram 8 na busasshen abu, na zogale kuma kusan giram 21, kuma a kan wannan ma'auni alayyahu ne ke gaba. A ganina an rage wa alayyahu daraja ne kawai don ba a sayar da garinsa a cikin kwalba.

Awon da ake yi wa ganyayen Afirka ta Yamma sau da yawa yakan ba da adadin da ya fi na Amurka, a alayyahu da zogale duka. Wani ɓangare na bambancin daga irin shuka da ƙasar noma yake, wani ɓangaren kuma daga ƙura da yashin da ke manne a ganyen, domin ƙasa kanta tana da ƙarfe. Ƙarfen ƙura ba ya narkewa da kyau a hanji, don haka babban adadi a takarda ba lallai ne ya zama jini a jiki ba, kuma ba hujja ba ce ta rage wanke ganye.

Ga manomi, alayyahu ne mafi saurin biya. Yana son zafi, ana tuge shi bayan mako uku zuwa huɗu da shuka, ko a riƙa yankarsa yana sake toho. Irinsa yana samuwa a gida, domin kai ɗaya yana ba da dubban ƙwayoyi. Da damina har da kansa yake fitowa a bayan gida da bakin gona, kuma a lokacin babu ganyen da ya kai shi araha. Da rani yana zuwa daga garake, irin na wajen Mirya da kwarin Korama, kuma kuɗinsa yana bin wahalar ban ruwa. Rauninsa shi ne ajiya: wanda aka sayo da safe yakan yi yaushi kafin la'asar idan ba a naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma an ajiye a inuwa ba, kuma ko a firigo bai cika wuce kwana biyu zuwa uku da kyansa ba. Ana shanya shi, amma busasshensa ba ya dawowa da daɗin ɗanyen kamar yadda zogale ke yi.

Haɗarinsa uku ne. Oksalat ɗin da ke cikinsa yana ɗaure kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kuma wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda ya kamata ya rage shi, ko ya tafasa shi ya zubar da ruwan farko, ya kuma yawaita shan ruwa. Na biyu, idan aka cika masa takin yuriya yana tara sinadarin nitirat a jikinsa, wanda yawansa ba shi da kyau ga mai ci. Na uku, kasancewarsa gajere kuma ana tuge shi da saiwa, duk ƙazantar da ke cikin ruwan da aka ba shi tana hawa ganyen, don haka a yanke saiwar tukuna, a wanke shi a cikin ruwa mai yawa ana tsamo ganyen daga sama, ba ana tsiyaye ruwan ta kansa ba.

Kel

Ɗanɗanon kel na kabeji ne amma ya fi shi ƙarfi, da ɗaci da ɗan yaji. Shuka ce ta ƙasashen sanyi, asalinta daga gabashin tekun Bahar Rum, kuma sanyi ne ke sa ta tara suga a ganye. Wanda aka noma da tsakiyar hunturu yana da daɗi, wanda zafin Maris ya riska kuwa yana yin ɗaci da tauri, ba yadda za a yi da shi. Ganyensa yana da kauri, wani iri mai nannaɗe wani mai faɗi, da jijiya mai ƙarfi a tsakiya wadda sai an cire ta ko an yanka ta ƙanana. Yana bukatar minti goma zuwa goma sha biyar kafin ya yi laushi, kuma ko ya dahu yana nan da taunarsa. Ya fi daɗi idan aka yanka shi siri-siri aka soya da albasa da tumatir, kamar yadda mutanen Kenya ke yi wa ɗan'uwansa mai faɗin ganye suna ci da tuwon masara. Idan ya daɗe a wuta yana fitar da warin dafaffen kabeji, wanda ba kowa ke so a miya ba.

A ƙarfe shi ne na ƙarshe: kusan miligiram 1.6 a giram 100 na ɗanye, kuma ƙasa da miligiram 1 idan an dafa an tsane. Yana da abin da ke rage wannan gibi, domin bitamin C ɗinsa ya kai miligiram 90 ko fiye, kusan ninki biyu na alayyahu da zogale, kuma bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfe. Oksalat ɗinsa kuma kaɗan ne, shi ya sa kalsiyam ɗinsa ke shiga jiki da kyau. Amma bitamin C ba ya jure wuta, kuma rabin lemun tsami da aka matsa a kan kwaɗo yana yin wannan aikin da kuɗi kaɗan.

A Damagaram kel ba ganyen da ake dogara da samunsa a kasuwa ba ne. Wanda yake so yawanci sai ya nemi iri ya shuka, a yi reno a dasa tsakanin Nuwamba da Disamba, a fara tsinka bayan kimanin wata biyu, a gama kafin zafi ya shigo. Irin daga waje yake zuwa, kuma da yawa daga nau'o'insa ba sa yin fure a yanayinmu, don haka duk shekara sai an sake saye. Yana son ruwa a kai a kai, a garin da kowa ya san darajar jarkar ruwa. Darɓa da tsutsar kabeji suna damunsa, kuma wannan ne babban haɗarinsa, domin mai garka yakan yi ta fesa magani, nannaɗen ganyen kuma yana riƙe maganin da ƙwarin duka. Abin da ya fi sauran da shi shi ne jimiri bayan tsinka, domin a firigo yana kai kwana biyar zuwa mako guda. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya yi hattara da shi saboda yawan bitamin K, kuma wannan gargaɗin ya shafi alayyahu ma.

| Ma'auni | Zogale | Alayyahu | Kel |
|---|---|---|---|
| Ɗanɗano | ɗaci, bauri, ɗan yaji | sauƙi, ɗan zaƙi | irin na kabeji, ɗaci idan an yi zafi |
| A baki | yana tsayawa, ba ya narkewa | laushi, yana zubewa | kauri, sai an tauna |
| Ƙarfe a giram 100 na ɗanye | miligiram 4 | miligiram 2.3 | miligiram 1.6 |
| Ƙarfe a giram 100 na dafaffe | miligiram 2.3 | miligiram 2.3 | ƙasa da miligiram 1 |
| Kuɗi da samuwa | duk shekara, tsada da bazara | mafi araha da damina | da wuya, sai da sanyi |
| Ajiya | ɗanye kwana 1 zuwa 2, busasshe watanni | yini ɗaya, firigo kwana 2 zuwa 3 | firigo kwana 5 zuwa 7 |
| Aiki | gyara mai cin lokaci | wanki, dahuwa da sauri | cire jijiya, dahuwa matsakaiciya |
| Abin lura | sakin ciki, yashi a busasshe | oksalat, ruwan ban ruwa | maganin ƙwari |

Lissafin tukunya guda

Mu ɗauki gida mai mutum shida, an gyara ganye an samu giram 600, wato kowa zai ci rabon giram 100 na ɗanye, wanda rabo ne mai kauri. Idan zogale ne kuma a miya aka zuba shi ba a zubar da ruwa ba, kowa ya samu miligiram 4. Idan alayyahu ne, miligiram 2.3. Idan kel ne, miligiram 1.6. Abin da ake so babban namiji ya samu daga abinci a yini shi ne kusan miligiram 8, macen da ke al'ada miligiram 18, mai juna biyu kuma miligiram 27. Ke nan uwargida ta samu kusan kashi ɗaya cikin biyar na bukatarta daga zogale, ɗaya cikin takwas daga alayyahu, ƙasa da ɗaya cikin goma daga kel. Idan kuwa kwaɗo aka yi, aka tafasa zogalen aka matse aka zubar da ruwan, tazarar da ke tsakaninsa da alayyahu ta ragu sosai.

Daga nan sai abin da ke faruwa a hanji. Ƙarfen tsirrai ba ya shiga jiki kamar na nama da hanta da kifi, kuma abin da ake tsotsa daga cikinsa yana iya zama kashi 2 cikin 100, yana iya kaiwa kashi 20, gwargwadon abin da aka ci tare da shi da kuma yadda jikin mutum yake bukatarsa. A ce uwargidan ta ci alayyahu da tumatir da ɗan kifi, aka matsa lemun tsami bayan an sauke, jikinta ya tsotsi kashi 10, ta samu miligiram 0.23. A ce maƙwabciyarta ta ci zogale da tuwon hatsi ba nama ba tsami, ta bi shi da shayi mai kauri, jikinta ya tsotsi kashi 3, ta samu miligiram 0.12. Waɗannan kason misali ne, amma suna cikin iyakar abin da aka sani, kuma sun nuna cewa ganyen da ya fi ƙarfe a takarda yana iya zama wanda ya fi ƙarancin amfani a jiki.

Shayi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ba a raba shi da bayan cin abinci. Tanin ɗin da ke cikinsa yana ɗaure ƙarfen tsirrai, kuma yana iya rage abin da ake tsotsa da fiye da rabi idan an sha shi tare da abinci. Jinkirta shi da awa ɗaya ko biyu yana rage wannan asara ƙwarai. Kanwa ma tana da nata laifin. Ana sa ta don ganye ya yi saurin laushi ya riƙe korensa, amma tana lalata bitamin C, wanda shi ne mai taimakon. Alayyahu ba ya bukatarta ko kaɗan, zogale kuma idan matashi ne zai dahu ba tare da ita ba. Hanya mafi kyau ga zogalen kwaɗo ita ce a dafa shi da ruwa kaɗan wanda zai kusa tsotsewa, ko a turara shi, domin abin da za a zubar ya zama kaɗan.

Akwai iyakar da babu ganyen da ke tsallake ta. Wadda idanunta da tafin hannunta suka yi fari, tana jiri da haki idan ta yi ɗan aiki, tana bukatar awon jini, domin ƙarancin jini a wurinmu yana zuwa daga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da zubar jini da ciwon sikila, ba daga abinci kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa shan ƙwayar ƙarfe mai miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid, kuma ƙwaya ɗaya ta ninka abin da ke cikin kwanon zogale sau da yawa. Barin ƙwayar da ake bayarwa a wurin awon ciki don ana shan garin zogale kuskure ne mai tsada.

Wanne ga wa

Gidan da ke son ganye na kullum a miya, mai araha, mai saurin dahuwa da ƙarancin icce ko gas, wanda yara da tsofaffi za su ci ba gardama, alayyahu ya kamata ya sa a gaba, musamman daga Yuli zuwa Oktoba. Ba a yi babbar asarar ƙarfe da wannan zaɓi ba, in dai ba a zubar da ruwan miyar ba. Wanda ke da tarihin tsakuwar ƙoda ne kaɗai zai rage shi ya karkata ga zogale, ko kel idan ya samu.

Mai sana'ar kwaɗo ko dambu ba ta da madadin zogale, domin shi ne ke tsayawa da jikinsa ya yini a roba bai caɓe ba. Haka ma gidan da ba shi da firigo kuma yake son ya tanadi ganyen bazara tun da kaka, da uwar da ke son ƙara wa kunun yaro ƙarfi da cokali ɗaya na gari, da wanda ke da ɗan fili a tsakar gida da ruwan wanke-wanke marar sabulu da zai iya bai wa itace biyu ko uku. Ga mai juna biyu da mai shayarwa, zogale da alayyahu duka suna da kyau a riƙa sauya su, tare da tsami da ɗan nama ko kifi, kuma tare da ƙwayar asibiti.

Kel ya dace da mai garkar da ke da tabbacin ruwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ya riga ya san wanda zai saya, kamar gidan abinci ko masu neman sabon abu, da wanda likita ya ce ya rage oksalat, da mai firigo da ke son ganyen da zai yi mako guda. Fangali ɗaya ko biyu sun isa gwaji a shekarar farko, a gefen kabeji da salati, tunda kulawarsu iri ɗaya ce. Wanda kuwa don ƙarin jini kaɗai yake nemansa, ya kai kuɗin wurin mai alayyahu ko mai zogale, ya sayi lemun tsami da canjin.